Sun ƙi ɗaukata shekara biyu da suka wuce, ga shi sun sake buɗe gurbin

Assalamu alaikum Malam. Ina da babbar difloma a fannin akanta. Shekara biyu da suka wuce, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, na nemi aikin ƙaramin akanta a wani kamfanin sarrafa abinci da ke Sharada. Na ci jarrabawar rubutu, aka kira ni intabiyu. A can suka ba ni littafin kuɗi na wata guda da takardar banki, suka ce in daidaita su a kwamfuta cikin minti talatin, na kasa. Bayan mako biyu aka turo min imel cewa ba a ɗauke ni ba. Da na ji wai wanda aka ɗauka ɗan uwan wani manaja ne, sai na mayar musu da amsa mai zafi, na ce dama sun san wanda za su ɗauka. Tun daga nan nake riƙe wa wani dilan kayan masarufi littafi a kasuwar Singa. Yanzu sun sake tallar gurbin, har da ƙarin albashi. Abokina ya ce in buɗe sabon imel in nema kamar ban taɓa zuwa ba. Malam, in bi shawararsa, ko in tuna musu, ko in haƙura?

Wani matashi daga Kano

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka nema. Kuma ka nema da sunanka da imel ɗinka na da.

Abokinka yana ƙaunarka, amma bai taɓa zama a ofishin kula da ma'aikata ba. Ni na zauna, shekaru masu yawa, kuma abin da zan gaya maka shi ne ba da imel kaɗai ake gane mutum ba. Sunanka yana nan, lambar wayarka tana nan, ranar haihuwarka da sunan makarantarka da lambar takardar bautar ƙasarka duk ba su canza ba. Wanda ya kai matakin intabiyu kuwa ya fi kowa barin sawu, domin an buɗe masa fayil, mutum uku ko huɗu sun ga fuskarsa, kowannensu ya cika takardar maki ya sa hannu. A kamfani mai matsakaicin girma irin na Sharada ko Bompai ko Challawa, shugaban sashen kuɗi ba ya sauyawa duk shekara. Da wuya a ce ba wanda ya miƙa maka waccan takardar banki ba ne zai sake zama a gabanka.

Na taɓa ganin irin wannan da idona. Wani yaro ya dawo mana bayan shekara ɗaya da rabi, ya sauya imel, ya juya jerin sunansa, na mahaifi ya koma gaba. Ya amsa tambayoyi da kyau, har na fara ba shi maki mai tsoka. Sai wata 'yar kwamitinmu ta ɗago kai daga takardarta ta ce, "Kamar mun taɓa haɗuwa a ɗakin nan ko?" Ya ce a'a. Ba ta ce komai ba, ta ci gaba da rubutu. Da ya fita ta aika aka ɗauko tsohon fayil, ga hotonsa a maƙale. Babu wanda ya sake tayar da maganar ko ya iya aiki ko bai iya ba. Mutumin da za a damƙa wa littafin kuɗi ya yi ƙarya a kan abin da bai kai ya kawo ba, shi ke nan magana ta ƙare. A wasu sassan ana iya kau da kai daga irin wannan, amma ban da sashen kuɗi.

To tunda za ka je da fuskarka, sai mu duba abin da ke cikin fayil ɗin nan naka. Abu biyu ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba.

Na farko shi ne takardar maki. A nan kana da wata sa'a wadda yawancin masu rubuto min ba su da ita: ka san daidai inda ka yi tuntuɓe. Mutane da yawa ana watsar da takardunsu tun a tacewar farko, ba su san ko shekarunsu ne suka wuce iyaka ba, ko darajar takardar shaidarsu ce ba ta kai ba, ko kuwa masu nema ne suka yi yawa. Irin waɗannan in sun sake nema ba su ma da buƙatar tuna wa kowa komai, don ba wanda ya san su. Kai kuwa ka tsallake tacewa, ka tsallake jarrabawa, aka tsaya da kai a kan aiki guda ɗaya tak. In zan yi hasashen abin da aka rubuta a gaban sunanka, ba zai wuce "yana da karatu, ba shi da hannu" ba. Wannan shi ne hukunci mafi sauƙin warwarewa, domin irinsa ne lokaci yake gyarawa. Da an rubuta cewa ba ka da ladabi ko ba a yarda da amanarka ba, da sai in ce ka nemi wani wuri.

Saboda haka duk takardar da za ka rubuta, da duk abin da za ka faɗa in an kira ka, su amsa tambaya guda: wancan aikin da ya gagare shi, yanzu ya iya? Kada ka cika musu kunne da cewa ka ƙara hankali, ka ƙara haƙuri, ka koyi zama da jama'a. Kowa haka yake rubutawa, kuma ba mai iya auna shi.

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, ka fara gwada kanka, don kada ka yi alkawarin abin da ba ka da shi. Riƙe littafi a kasuwa aiki ne na gaske, ba na raina shi, amma sau da yawa yana tsayawa ne a kan rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita da wanda ake bi bashi. Mai yiwuwa ka yi wata ashirin kana wannan ba tare da ka taɓa ɗora littafin a kan takardar banki ba. In haka ne, ramin yana nan yadda ka bar shi. Ka nemi izinin maigidanka, ka karɓi takardar banki ta watan jiya, ka buɗe Excel, ka ajiye agogo a gabanka.

Ga irin abin da za ka tarar. A ce littafinka ya nuna akwai naira 4,350,000 a asusu ranar ƙarshen wata, banki kuma ya ce 4,612,500. Tazarar 262,500 ce. Kuskuren sabon hannu shi ne ya shiga neman wata shiga guda ɗaya mai wannan adadi, ya ɓata minti ashirin yana hawa da sauka, alhali ba ta nan, domin tazarar haɗakar abubuwa ce masu ja ta fuska biyu. Abin yi shi ne ka bi layi-layi kana kashe duk abin da ya bayyana a ɓangarorin biyu, ka ware waɗanda suka rage. Sai ka ga guda huɗu. Banki ya cire 12,500 na cajinsa, ba ka rubuta ba. Wani mai saye daga Gusau ya turo 125,000 kai tsaye, alat ɗin ya shiga wayar maigida, bai gaya maka ba. Waɗannan biyun littafinka ne bai san da su ba, don haka littafin za ka gyara: ka cire na farko, ka ƙara na biyu, ya koma 4,462,500. Sauran biyun kuma banki ne bai san da su ba tukuna. An rubuta wa wani cek na 300,000 bai kai banki ba, sannan an kai ajiyar 150,000 da yammacin ranar ƙarshe ba ta hau ba sai washegari. Ka cire na farko daga adadin banki, ka ƙara na biyu, shi ma ya tsaya a 4,462,500. Sun haɗu.

Abin da mai gwada ka yake kallo ke nan: ko ka san wane bambanci ne ake gyara wa littafi, wane ne kuma jiran lokaci kawai yake yi. In ka yi wannan na wata uku a jere, kowanne ƙasa da minti talatin, ba tare da ka leƙa littafin makaranta ba, to kana da abin faɗa. In ba ka iya ba, kana da kwanakin da suka rage kafin a rufe karɓar takardu, da kuma makonnin da ke tsakanin rufewa da kira. Sun isa, in ka zauna kowane dare.

Yanzu sai takardar. Wurin ambaton zuwanka na farko shi ne wasiƙar da ke rakiyar takardun, ba takardar tarihin karatu da aiki ba. Ita wannan ta biyun ba a rubuta neman da bai yi nasara ba a cikinta. A wasiƙar ma jimla biyu sun isa, kuma su zo da wuri, a sakin layi na farko ko na biyu, don kada mai karatu ya riga ka ganowa. Da Turanci za ka rubuta, na sani, amma ga ma'anar abin da nake so ta ƙunsa:

"Na nemi wannan gurbi a wata kaza na shekara kaza, na kai matakin intabiyu. A lokacin ban iya kammala gwajin daidaita littafin kuɗi da takardar banki ba, kuma shi ne aikin da na fi mayar da hankali a kansa tun daga nan. Wata ashirin ke nan ina riƙe da littafin wani dilan kayan masarufi a kasuwar Singa, inda nake rubuta shige da ficen kuɗi na kullum, ina bin basussukan masu saye kusan arba'in, ina kuma daidaita asusun banki biyu duk ƙarshen wata. Na mayar da lissafin shagon daga littafin hannu zuwa Excel. A shirye nake a sake yi min wancan gwajin."

Adadin da na sa misali ne, ka sa naka na gaskiya, ko da bai kai haka ba. In masu bashi goma sha biyu ne, ka ce goma sha biyu. In wata uku kacal ka yi kana daidaita asusun, ka ce wata uku. Za a tambaye ka a kan kowace lamba da ka rubuta, kuma akanta da ya ƙara gishiri a lissafin kansa ya riga ya ba da amsar yadda zai yi da na kamfani. Sannan kada ka rubuta yawan cinikin maigidanka ko ribarsa. Sirrinsa ne, kuma mai karanta wasiƙar zai lura da cewa ka iya riƙe shi.

Ka lura da jimlar ƙarshe. Ita ce ta fi komai ƙarfi a wasiƙar. Yabon kai jahilci ne, amma wanda ya ce "ku gwada ni a kan abin da na faɗi" bai yabi kansa ba, kuma shugaban sashen kuɗi da ya karanta wannan zai so ya gani, ko don ya san ƙarshen labarin. Ka kuma lura da abin da babu. Babu ba da haƙuri a kan faɗuwa gwaji, don ba laifi ba ne. Babu dogon bayanin cewa kwamfutar ta yi nauyi ko ba ka da lafiya ranar. Babu "ku taimaka min saboda Allah, ni ne babba a gidanmu". Na san gaskiya ne a wurin da yawa daga cikinku, amma kwamiti ba shi da layin da zai ba wannan maki.

In ka yi rajista da ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci na Nijeriya, ko ka ci wani mataki na jarrabawarsu, ka rubuta, da sunan matakin da watan da ka ci. In ba ka yi ba, kada ka rubuta "ina shirin yi". Shiri ba shaida ba ne. Haka nan ka sake karanta sabuwar tallar da kyau, ka ɗora ta a kan tsohuwar in kana da ita. Ƙarin albashi ba ya zuwa haka kawai. Sau da yawa yana nufin an ƙara wa kujerar nauyi, ko ana son mai shekara biyu ko uku a aiki, ko wanda ya san lissafin harajin albashi da harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin ɗari, ko wanda ya taɓa aiki da manhajar lissafin kuɗi irin Sage ko QuickBooks. In akwai sabon sharaɗi, to gwajin ma zai iya sauyawa. Kada ka shirya wa tambayar shekara biyu da suka wuce kaɗai.

Sai abu na biyu da ke cikin fayil, wanda ya fi damuna: wancan imel.

Ba zan ce maka ba a ɗaukar 'yan uwa ba. Ana yi, na gani, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Amma ko da labarin da ka ji gaskiya ne, kai da bakinka ka ce ka kasa gwajin. Da ka gama shi cikin minti ashirin sannan aka ɗauki wani, da fushinka yana da ƙafar tsayawa. Yadda abin ya kasance, ka ba su hujjar da za su kare kansu da ita, sannan ka bi su da zargi. Ka karɓi wannan a ranka tun yanzu, domin in ka shiga ɗakin da sauran ƙullin, zai fito a muryarka ko ba ka so.

Kada ka sa maganar imel ɗin a wasiƙar neman aiki. Wasiƙar tana bi ta hannun mutane da yawa, wasu ba su ma san an yi ba, ba kuma dalilin da zai sa ka sanar da su. Ka rubuta wani saƙo dabam, gajere, zuwa adireshin da ka aika wancan, a ƙarƙashin tsohon saƙon in yana nan, kwana ɗaya ko biyu kafin ka tura takardunka. Layi uku: cewa a wata kaza ka aiko da amsa wadda ba ta dace ba, cewa ka yi kuskure kana neman afuwa, cewa ka ga sabuwar talla za ka nema ta hanyar da aka tsara. Kada ka ƙara "amma", kada ka ce "in ranku ya ɓaci". Kada kuma ka jira amsa. Mai yiwuwa ba za ta zo ba. Amfanin saƙon shi ne duk wanda ya binciko sunanka ya ga na farko, zai ga na biyu a ƙasansa.

Zai iya yiwuwa ba wanda ya karanta na farkon, ko wanda ya karanta ya bar aiki. To ka yi asarar layi uku. Zai kuma iya yiwuwa an sa maka alamar kada a sake kira, kuma afuwar ba za ta goge ta ba. Wannan yana faruwa, gara ka sani, don haka kada ka dakatar da neman wasu wuraren kana jiran wannan. Amma a sanina, masu aiki a ofishin kula da ma'aikata sun saba da fushin waɗanda ba a ɗauka ba, suna ganinsa duk zagaye. Abin da ba su saba gani ba shi ne wanda ya dawo ya janye maganarsa.

Wata shawara da za a ba ka, in ba a riga an ba ka ba, ita ce ka nemi wani babba ya yi maka magana. In kana da wanda ya san aikinka da gaske a cikin kamfanin, ba laifi ya ce a duba takardarka. Amma ka yi tunani: mutumin da ya zarge su da ɗaukar ɗan uwa, shi ne kuma ya dawo ta ƙofar baya. Ni da zan bar ta.

In Allah ya sa an kira ka, za a tayar da maganar zuwanka na farko, wataƙila cikin raha, wataƙila da fuska a ɗaure don a ga yadda za ka yi. Amsarka kada ta wuce minti ɗaya. Ka ce e, ka zo, ka faɗi gwajin daidaita asusu, ga abin da ka yi a kai tun daga lokacin, sai ka ba da misali guda ɗaya na gaske daga shagon. Misali ya fi bayani. Wata yarinya da ta dawo mana karo na biyu, da aka yi mata wannan tambaya, ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce a wurin da take aiki ta gano wani mai kawo musu kaya an biya shi kuɗin rasit ɗaya sau biyu, wata biyu a tsakani, ta faɗi yadda ta gano da yadda aka dawo da kuɗin. Shugaban sashen ya ajiye bironsa ya shiga yi mata tambayoyi a kan wannan kaɗai, har lokacinta ya ƙare. Kai ma a wata ashirin a Singa ba za ka rasa irin wannan ba: kuɗin da aka turo ba a rubuta ba, bashin da aka manta, buhunan da lissafinsu bai yi daidai da na sito ba. Ka zaɓi ɗaya, ka tuna adadinsa da watansa, ka faɗe shi ba tare da sunan kowa ba.

In aka kawo maganar imel ɗin a gaban kwamiti, ka ce kuskure ne, ka riga ka rubuta ka nemi afuwa, ka yi shiru. Kada ka bi shirun da bayani. In kuma aka tambaye ka me ya sa kake son barin kasuwa, kada ka kushe maigidanka. Ka ce kana son aiki inda ake rufe lissafi duk wata, masu binciken kuɗi kuma suna zuwa duk shekara, don a nan akanta yake girma. Kada kuma ka tambayi abin da ya faru da wanda aka ɗauka a wancan karon, ko da bakinka yana ƙaiƙayi.

Saura maigidanka na Singa. Shi ne shaidarka, domin duk abin da ka rubuta a wasiƙar nan shi kaɗai zai iya cewa haka ne. Kada ya fara jin labarin daga bakin wani baƙo a waya. Ka same shi bayan an rufe shago, ka gaya masa abin da kake nema, ka roƙe shi ya yarda ka sa sunansa. In ba mai rubutu ba ne, ka tsara takardar shaida mai layi huɗu ko biyar, da ranar da ka fara da ayyukan da kake yi, ka karanta masa, in ya yarda ya sa hannu ya buga hatimin shago. Ka kuma yi masa alkawarin in an ɗauke ka za ka zauna da wanda zai gaje ka, ka nuna masa littafin har ya kama, kafin ka tafi.

Allah ya ba da sa'a. Ka rubuto ka gaya min minti nawa gwajin watan jiya ya ɗauke ka.